Sana'ar Sikanin Littattafai: Hoto a Sama, Rubutu a Ɓoye

A kusan kowane shagon kwamfuta da ke bakin jami'a ko kusa da sakatariya akwai sikana, kuma duk yaron shago ya iya kifa takarda a kan gilashi ya danna maɓalli. Abin da yake miƙo maka a filashi fayil ne na PDF mai ɗauke da hotunan shafuka. Ido yana karantawa lafiya lau, amma a wurin kwamfuta babu ko harafi ɗaya a cikinsa, ɗigo-ɗigo ne kawai baƙi da fari. Ka danna Ctrl+F ka nemi sunan wani gari da kake kallo ƙuru-ƙuru a shafin, za ta ce maka babu. Akwai masu sana'a da aikinsu ke farawa daga daidai wannan wurin. Su ne ke mai da irin wannan fayil ya zama abin da za a iya bincike a cikinsa, a kwafi jimla a liƙa a wani wuri, alhali shafin yana nan yadda maɗaba'a ta fitar da shi, da launin takardarsa, da hatimin laburare, har da rubutun biro da wani mai karatu ya yi a gefe.

Masu kawo musu aiki sanannu ne. Akwai ɗalibin digiri na biyu da ya gaji da buɗe shafi ɗari uku don neman kalma ɗaya. Akwai laburaren da tsofaffin jaridunsa suka fara marmashewa, da lauya mai tarin hukunce-hukunce, da marubucin da kwamfutar da aka buga littafinsa a kanta ta lalace tuntuni, kwafin takarda kaɗai ya rage masa. Duk cikinsu babu mai son a sake buga littafin da sabon rubutu, domin lambar shafi da tsarinsa su ne hujja. Mai bincike da zai ce magana kaza tana shafi na 47 yana bukatar shafi na 47 na ainihi.

Dabarar ita ce kowane shafi ya zama hawa biyu. Hawa na farko shi ne hoton da sikana ta ɗauka, shi ne mai karatu ke gani. Hawa na biyu rubutu ne na gaske, wanda manhajar gane haruffa, wato OCR, ta karanto daga hoton, aka jera kowace kalma daidai wurin da takwararta take. Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, yana da umarnin da ke cewa a ajiye rubutu a shafi ba tare da an zana shi ba. A cikin fayil ana rubuta umarnin da `3 Tr`. Rubutun yana nan, ana iya nemansa, ana iya zaɓarsa da linzami, amma ba shi da tawada. Shi ya sa idan ka nemi kalma a irin wannan fayil, launin da ke haskakawa yakan sauka a kan hoton kalmar, ka zaci kwamfuta hoton take karantawa.

Mu bi aiki guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka an kawo littafin Hausa mai shafi 200, girman A5, irin waɗanda aka riƙa bugawa a Kano a shekarun 1990 a kan takarda mai arha, wadda yanzu ta yi ruwan ƙasa, kuma rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba.

Tambayar farko da ake yi wa mai littafi ita ce: "Malam, a yanke shi ko a bar shi?" Idan ya yarda a yanke ɗaurin, ana zuba takardun a sikana mai jan takarda da kanta, aiki ya ƙare cikin mintoci, shafuka kuma su fito a miƙe. Idan kwafi ɗaya ne tak a duniya, ba a taɓa ɗaurin. Sai a bi shi buɗi-buɗi a kan gilashi, ko a ɗauka da kyamara daga sama. Matsalar wannan hanya tana tsakiyar littafi, inda takarda ke lanƙwasawa ta shige cikin ɗauri. Wurin yakan yi inuwa, layuka su karkace, kuma a nan ne OCR ta fi yin ɓarna, kalmar farko ko ta ƙarshe a kowane layi ta fito a gurguje. Game da rubutun baya mai leƙowa, maganinsa mai sauƙi ne: ana sa baƙar takarda a bayan shafin da ake ɗauka. Farin murfin sikana yana maido da haske ta cikin takarda ya fito da rubutun baya, baƙi kuwa shanye hasken yake yi.

Sai zaɓen ƙarfin hoto. Ma'aunin da aka saba shi ne `300 dpi`, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci, kuma akwai dalili. A rubutu mai girman maki 10, irin na yawancin littattafai, tsayin ƙananan haruffa kamar a da e yakan kai kusan ɗigo 20 a wannan ma'auni. Idan aka sauko zuwa 150, tsayin ya koma kusan ɗigo 10, inda manhaja ke fara rikita e da c, ko r da n a jere ta karanta su m. Ga Hausa abin ya fi tsanani, domin lanƙwasar da ke kan ƙ ko ɗ 'yar ƙarama ce, ɗigo kaɗan ne ke ɗauke da ita. Saboda haka idan rubutun ƙanana ne, ko akwai bayanan ƙasan shafi, mai sana'a yakan hau zuwa 400 ko 600.

Wannan zaɓi yana da nauyinsa. Shafin A5 milimita 148 ne a faɗi, 210 a tsayi, wanda a `300 dpi` ya zama ɗigo 1748 sau 2480, kimanin ɗigo miliyan 4.3. Idan an ɗauka da launin toka-toka, kowane shafi kusan megabait 4.3 ne kafin a matse shi. Idan mai kala ne, a ninka sau uku, kusan 13. Littafinmu mai shafi 200 a kala ya doshi gigabait 2.6. Wannan ɗanyen hoto shi ne uwa. Ana adana shi a tsarin TIFF ko PNG, waɗanda ba sa zubar da komai, kuma ba a sake taɓa shi. Duk gyaran da za a yi, a kan kwafi ake yinsa. Kuskuren da sabon shiga ke yawan yi shi ne ya saita sikana a kan baƙi da fari zalla don fayil ya yi sauƙi. A tsohuwar takarda mai ruwan ƙasa, sikana ce za ta yanke hukuncin wane ɗigo ne baƙi wane ne fari, kuma duk lanƙwasar da ta koɗe ta mai da ita fari, ta tafi ke nan har abada.

Bayan ɗauka sai shirya hotuna. Manhaja irin ScanTailor tana raba buɗi ɗaya zuwa shafi biyu, ta miƙar da wanda ya karkace, ta yanke baƙin gefe. A nan ake tsayawa a ƙirga. Littafi shafi 200 ne da bango, hotuna nawa aka samu? Shafi biyu da suka manne aka buɗe su tare, ko shafin da aka ɗauka sau biyu, yanzu ne gano su ke da sauƙi. Sannan a haɗa hotunan su zama PDF, a sa masa rubutun ɓoye. Da kayan aiki na kyauta, umarni biyu ne:

```
img2pdf shafi_*.tif -o hoto.pdf
ocrmypdf -l eng --clean --output-type pdf --optimize 0 --sidecar rubutu.txt hoto.pdf littafi.pdf
```

Na farko yana zuba hotunan cikin PDF ba tare da ya rage musu inganci ba. Sai dai a lura da sunayen fayil: a sa musu lamba 001, 002, 003, domin idan aka sa 1, 2, 3, kwamfuta za ta jera shafi na 10 kafin na 2. Na biyu shi ne OCRmyPDF, wanda ke kiran injin Tesseract ya karanta kowane shafi. An fara ƙera Tesseract a kamfanin Hewlett-Packard tun 1985, aka sake shi kyauta ga kowa a 2005, kuma tun fitowar kashi na 4 a 2018 yake iya karanta layi sukutum maimakon harafi ɗaya-ɗaya.

Kowane zaɓi a umarni na biyu yana da alaƙa da alƙawarin barin shafi yadda yake. `--clean` yana goge datti daga kwafin da injin zai karanta, amma hoton da mai karatu zai gani ba ya canzawa. Yana da ɗan'uwa, `--clean-final`, wanda ke sa gogaggen hoton a cikin fayil na ƙarshe, kuma a nan ake gyaran gangar auzinawa, domin abin da manhaja ta ɗauka datti ne yana iya zama lambar shafi ko ɗan rubutun gefe. Haka `--deskew`: yana miƙar da shafi, amma sai ya sake zana hoton. `--output-type pdf` da `--optimize 0` kuwa suna hana a sake matse hotunan. Akwai lokacin da laburare zai nemi tsarin PDF/A, wanda aka tanada tun 2005 don ajiya mai tsawo. Idan aka juya fayil zuwa gare shi, wajibi ne a duba ko hotunan sun canza a hanya.

Batun matsewa ba ƙaramin abu ba ne. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injunan sikanin na kamfanin Xerox suna sauya lambobi a takardun da suka ɗauka, 6 ta koma 8. Sanadin shi ne wata hanyar matsewa mai suna JBIG2, wadda a wani yanayinta take adana siffar harafi sau ɗaya, ta riƙa maimaita ta duk inda ta ga mai kama da ita. Shafin ya fito tsaf, babu alamar an taɓa shi, amma lambar ba ita ba ce. Mai aikin littafin Hausa yana da dalilin tsoron wannan fiye da kowa, tunda k da ƙ sun fi 6 da 8 kama da juna. Idan fayil ya yi nauyi kuma ana son turawa ta waya, a yi kwafi na biyu mai sauƙi da JPEG, a bar cikakken a ajiye.

Yadda kalmar ɓoye ke sauka daidai kan hotonta lissafi ne mai sauƙi. Injin ba rubutu kaɗai yake bayarwa ba, yana faɗin akwatin da kowace kalma take ciki. A ce ya sami kalma wadda akwatinta ya fara daga ɗigo na 300 zuwa na 520 daga hagu, kuma daga na 600 zuwa na 660 daga sama. PDF ba ya ƙirga da ɗigo, da maki yake awo, maki 72 a inci ɗaya, don haka kowane ɗigo a `300 dpi` maki 0.24 ne. Kalmar za ta fara a maki 72 daga hagu, faɗinta ɗigo 220, wato maki 52.8. Sannan hoto daga sama yake ƙirga, PDF kuma daga ƙasa, sai a cire 660 daga 2480, a sami 1820, wanda ya zama maki 436.8 daga ƙasan shafi. Manhajar takan ja rubutun ɓoyen ko ta tsuke shi har ya cika wannan faɗi. Wanda ya fahimci wannan lissafi yana gane cuta da ganin alamarta. Idan haske yana sauka nesa da kalma, kuma nisan yana ƙaruwa yayin da ake nausawa cikin shafi, an yi lissafi da ma'aunin ɗigon da ba shi ba ne. Idan nisan iri ɗaya ne ko'ina, an yanke gefen hoton bayan an gama karantawa.

Mai lura zai ga cewa a umarnin can an sa `-l eng`, wato Turanci, alhali littafin Hausa ne. Dalili shi ne a jerin harsunan da Tesseract ke zuwa da su, sama da ɗari, akwai Yarabanci da Swahili da Amharik, amma babu Hausa. Injin kuwa ba ya iya rubuta harafin da ba a koya masa ba. Idan ya ci karo da ƙ, sai ya ba da mafi kusa da ita a cikin abin da ya sani, galibi k. Ɗ takan zama d, wani lokaci da ɗan waƙafi a gefenta, ɓ kuma ta zama b ko ma lamba 6. Littattafan Nijar da ke amfani da ƴ suna da tasu ƙarin matsalar, na Nijeriya masu 'y kuma sau da yawa alamar gaban ce ke ɓacewa. Sakamakon shi ne fayil mai kyan ɗan maciji: a ido babu aibi, amma mai neman "ƙasa" ba zai sami ko ɗaya ba a littafin da kalmar ta cika shi. Kuma ba zai san an yi masa asara ba, zai ɗauka marubucin bai ambace ta ba.

Hanyoyin fita biyu ne. Ta farko gyara da hannu. Ana fitar da sakamakon a tsarin hOCR, wanda ke riƙe kowace kalma tare da akwatinta, a gyara rubutun a manhaja irin gImageReader, sannan a sake gina PDF. Gyara fayil ɗin `rubutu.txt` ba ya canza komai a cikin PDF, shi don dubawa aka fitar da shi. Wasu kalmomi ana iya sauya su gaba ɗaya a bugu ɗaya, domin ba su da tagwaye: "wadanda" kullum "waɗanda" ce, "karshe" kullum "ƙarshe". Wasu kuwa sai an dubi hoton kowace, domin "kasa" da "ƙasa", ko "baki" da "baƙi", duka kalmomi ne masu zaman kansu. Nan ne mai jin Hausa ya fi ƙwararren kwamfuta amfani. Hanya ta biyu, ga mai littattafai da yawa masu salon bugu iri ɗaya, ita ce ƙara wa injin karatu. Ana yanko hotunan layuka, kowanne da rubutunsa na daidai da mutum ya buga, a ba kayan horo mai suna tesstrain. Wahala ce ta farko, amma kowane littafi na gaba yana cin moriyarta.

Ko an gyara, akwai wani abin da ya kamata a gaya wa mai karɓar aiki. Manhajojin karatu da yawa suna iya nuna maka é idan ka nemi e, domin a tsarin Unicode é tana rabuwa zuwa e da alamarta. Ƙ ba ta rabuwa, harafi ce mai lambarta daban, U+0199 ga ƙaramar. Wanda ya saba buga Hausa a waya ba lanƙwasa zai nemi "kasa" bai ga "ƙasa" ba. Wasu kan ce to a bar rubutun ɓoyen ba lanƙwasa tunda haka mutane ke nema. Wannan shawara ba ta da kyau, domin duk wanda ya kwafi jimla daga fayil ɗin zai kwafi abin da marubuci bai rubuta ba. Rubutun ɓoye ya bi abin da ke shafi, sannan a rubuta gajeren bayani tare da fayil kan yadda ake nema.

Ta yaya ake sanin aiki ya yi kyau? Ba da kallon shafi ba, tunda shafi hoto ne. Ana fitar da rubutun ɓoyen fili:

```
pdftotext -f 47 -l 47 littafi.pdf -
pdfimages -list littafi.pdf
```

Na farko yana nuna abin da ke ƙarƙashin shafi na 47 na fayil ɗin, a ajiye shi kusa da littafin a ƙirga kurakurai. Na biyu yana nuna girman kowane hoto da ƙarfinsa, a tabbatar yana nan a 300 bai sauka ba. Ana zaɓar shafukan gwaji da gangan: ɗaya mai tsabta, ɗaya daga tsakiyar littafi inda ɗauri ya fi matsewa, ɗaya mai jadawali ko rubutu gida biyu, inda injin kan tsallaka daga layin hagu zuwa na dama ya gauraya su. A kuma duba kalmomin da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi, domin rabin kalma a sama rabi a ƙasa ba kowace manhaja ke haɗa su ba. Kada kuma a ruɗu da jin an ce daidaito ya kai kashi 98 cikin ɗari. A shafi mai haruffa 1,800, wannan kuskure 36 ne. Idan kurakuran sun warwatsu, kusan kalma ɗaya cikin goma masu haruffa biyar ta sami tabo, kuma kalma mai tabo ta ɓace wa mai nema.

Sana'ar tana da iyakarta, kuma mai gaskiya yakan faɗa tun kafin a yi ciniki. Rubutun hannu ba fagen Tesseract ba ne. Ajami ma haka: karatun Larabcin da injin ya yi na bugun maɗaba'a ne, ajamin Hausa kuwa galibi da hannu aka rubuta shi, kuma ya dogara da wasulla da wasu alamomi da Larabci bai saba da su ba. Irin waɗannan takardu, kyakkyawan hoto da fihirisar da mutum ya rubuta sun fi rubutun ɓoye na shirme. Akwai kuma haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, don haka tsufan takarda ba izini ba ne na a watsa fayil a waya.

Kuɗin aikin galibi a kan kowane shafi ake yanke shi, kuma a nan rikici ke tasowa, domin ayyuka uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya: hoto kawai, hoto da rubutun inji ba gyara, da hoto da rubutun da mutum ya bi ya gyara. Ɗaukar hoto da karatun inji aikin yini ne. Bin shafi 200 ana daidaita lanƙwasa aikin kwanaki ne, kuma ladansa ba zai zama ɗaya da na farko ba. Saboda haka, mai karatu, ranar da za ka karɓi irin wannan aiki, kada ka tsaya ga kyan shafi. Buɗe fayil ɗin a gaban mai shi, ka nemi kalma mai ƙ da mai ɗ da mai ɓ waɗanda ka san suna ciki, ka kwafi sakin layi ɗaya daga tsakiyar littafi ka liƙa a wani wuri ka karanta, sannan ka nemi a ba ka ɗanyen hotunan tare da PDF ɗin. Idan duka sun yi daidai, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.